Yadda ake saita obalod da zaɓen fis ko bireka ga moton injin niƙa

Moto mai fes uku yana bukatar kariya iri biyu, kuma kowace da aikinta. Obalod yana tsare moton daga zafin da ke taruwa a hankali idan an yi masa nauyi. Fis ko bireka kuwa waya da kayan cikin akwati suke tsarewa idan wayoyi sun haɗu wuta ta yi tartsatsi. Shi ya sa lambar da za ka sa wa obalod da wadda ke jikin fis ba za su zo ɗaya ba, kuma wanda ya ce bireka kaɗai ta wadatar, yana shirya wa mai naɗin kwayil aiki ne. Bari mu ɗauki moto mai doki 10, wato kilowat 7.5, irin wanda ake ɗaura wa injin niƙa, mu bi shi daki-daki.

Fara da farantin da ke jikin moton

Kada ka yi lissafi da doki, karanta amfiyar da aka buga a farantin. A irin wannan moto za ka iya ganin abu kamar haka:

```
400/690 V   Δ/Y   15/8.7 A   50 Hz
```

Tunda wutarmu mai fes uku wajen bolt 400 zuwa 415 take, lambarka ita ce 15. Wannan ita ce amfiyar da moton zai iya ja yini guda cikin cikakken aiki ba tare da ya ƙone ba. Idan farantin ya goge, ko moton ya sha naɗi har ba a san asalinsa ba, ka nemi wani mai girmansa da gudunsa ka duba, sannan ka tabbatar da mita.

Saita obalod daidai da farantin

Zaɓi obalod ɗin da 15 ta faɗo cikin zangonsa, ba a bakin ƙarshe ba. Mai zangon 12 zuwa 18, kamar LRD21 na Schneider, ya dace. Ka kashe wuta, ka tabbatar da mita cewa ta ɗauke, sannan ka murɗa ɗan maɓallin zuwa 15 cif.

A nan ne masu gyara da yawa ke cewa a ƙara masa kaɗan don kada ya riƙa yankewa. Ba a bukatar haka, domin an riga an gina rarar a cikinsa. A ƙa'idar IEC 60947-4-1, idan wuta ta haura saitin da kashi 5 cikin 100, obalod ba zai yanke ba cikin awa biyu. Idan ta haura da kashi 20, wato amfiya 18 a misalinmu, dole ya yanke kafin awa biyu ta cika. Tashin moto ma ba ya damunsa. Moton kan ja ninki shida zuwa takwas na amfiyarsa lokacin tashi, a ce 105, amma obalod mai `Class 10` yana jure ninki 7.2 na daƙiƙa 4 zuwa 10 kafin ya yanke, alhali moton da aka tayar babu hatsi a injin yakan kai gudunsa kafin haka. Idan ka murɗa zuwa 18, to ba za ka samu tabbacin yankewa ba sai wuta ta kusa 22, kuma a 22 zafin da ke cikin kwayil ya ninka fiye da biyu, saboda zafi yana bin amfiya sau amfiya ne.

Akwai tarko guda idan sitatar ta sita-delta ce. A mafi yawan irin wannan haɗi obalod yana ƙarƙashin babbar kwantakta, a kan wayoyin da ke tafiya kai tsaye zuwa kwayil, don haka kashi 58 cikin 100 na wutar layi kawai yake gani. Saitinsa sai ya zama 15 sau 0.58, wato 8.7, kuma obalod mai zangon 7 zuwa 10 za ka saya. Wanda ya sa 15 a wannan wuri, tamkar bai sa obalod ba ne.

Yanzu sai fis ko bireka

Su kuma dole su bar wutar tashi ta wuce, shi ya sa lambarsu take fin ta moton. Ga moton da ake tayarwa kai tsaye, fis na gama-gari mai alamar `gG` yakan zama wajen amfiya 32. Idan ka samu mai alamar `aM`, wanda aka ƙera don moto, 16 ko 20 ta isa, amma shi ba ya aiki sai tare da obalod. Teburin kamfanin da ya ƙera kwantakta da obalod yana faɗin mafi girman fis da aka yarda a sa a gabansu. Kada ka wuce shi, in ba haka ba ranar da wayoyi suka haɗu kwantakta za ta narke kafin fis ya tsinke.

A bireka, harafin da ke gaban lamba shi ne abin dubawa. Mai `C` tana faɗuwa nan take a ninki 5 zuwa 10 na lambarta, mai `D` kuma a ninki 10 zuwa 20. Saboda haka `C16` tana iya faɗuwa tun daga amfiya 80, ga shi moton yana jan 105 a tashi: yau ta riƙe, gobe ta faɗi. `D20` ba ta faɗuwa nan take sai daga 200, tashi ba zai taɓa ta ba. Sai dai idan wayar ta yi nisa ko kuma ƙaramin janareta ne ke ba da wuta, wutar haɗuwar wayoyi na iya gaza kaiwa inda mai `D` za ta faɗi da sauri, a nan ana bukatar awo kafin a zaɓa.

Duba abin da zai faru da a ce babu obalod. Fis `gG` mai 32 yana ɗaukar amfiya 40 na awa guda bai tsinke ba. Idan fes ɗaya ya ɗauke moton na cikin niƙa, abin da ba baƙo ba ne a layukanmu, sauran biyun sukan haura zuwa wajen 26. Fis ko a jikinsa, moton yana gurnani yana wari har ya ƙone. Obalod mai gane ɗaukewar fes shi ke yanke shi.

Gwaji kafin ka bar wurin

Obalod ba ya yanke wutar moto da kansa, kwayil ɗin kwantakta yake yankewa ta tasha 95 da 96. Danna maɓallin `TEST`, kwantakta ta saki. Idan ba ta saki ba, wataƙila wani ya tsallake waɗannan tashoshi da guntuwar waya. Bar maɓallin sake kunnawa a kan `H`, na hannu, don kada injin ya tashi da kansa hannun wani na kan bel.

Daga nan a zuba hatsi, ka maƙala mita a kowane fes. Ukun su zo kusa da juna, kuma ƙasa da 15. Idan obalod ya yanke bayan niƙa ta yi nisa, duba matsin faifan niƙa, taurin bel, boris, ko raunin wuta, sannan ka ba shi 'yan mintoci ya huce kafin ka danna maɓallin sake kunnawa. Idan kuwa bireka ce ta faɗi da ƙara ana danna maɓalli, kada ka sake ɗaga ta sai ka auna kwayil da wayoyi tsakaninsu da kuma tsakaninsu da jikin moton.