Yadda ake samun kuɗi da fodkas ko da masu saurare ba su kai ɗari biyar ba

Shirina na fodkas kan noman albasa da kasuwarta ne, kuma duk fitowar da ta samu kunne ɗari uku ina yi wa Allah godiya. Da wannan adadin ba za ka jira kuɗin talla daga YouTube ba, domin kafin su fara raba maka kaso sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Manyan masu talla su ma da dubu suke lissafi. A ce suna biyan naira 5,000 a kan kowane mutum dubu, kai mai ɗari uku naira 1,500 za ta zo hannunka, ko kuɗin data ba ta fitar ba. Don haka abin da za ka kai kasuwa shi ne irin mutanen da ke saurarenka. Manoman albasa ɗari uku daga Goronyo, Wurno da Kware a jihar Sakkwato sun fi dubu goma na 'yan kallo daraja a wurin mai sayar da iri da taki.

Mataki na farko: tara shaidar su waye ke jin ka

Idan a Spotify for Creators kake ɗora shirin, shafin alƙaluma zai nuna maka sau nawa aka kunna kowace fitowa. Ɗauki hotonsa duk mako. Amma wannan rabin labari ne, don mutanenmu da yawa a WhatsApp suke jin shiri, wani ya tura wa wani, kuma abin da aka tura ba ya ƙirguwa. Saboda haka a ƙarshen kowace fitowa ka roƙi masu saurare su aiko saƙon murya, su faɗi garinsu da sana'arsu. Rubuta su a littafi. Ranar da za ka zauna da ɗan kasuwa, littafin nan ya fi kowane jadawali magana.

Mataki na biyu: yanka shirin gutsi-gutsi

Na sa wannan kafin maganar masu ɗaukar nauyi da gangan, domin gutsuren shi ne ke yawo. Mutumin da ba zai saurari minti 25 ba zai kalli daƙiƙa 45 yana jiran a auna masa buhu. Lokacin ɗauka ka jingina waya ta riƙa ɗaukar bidiyo a tsaye, ko da murya kawai za ka ɗora a fodkas. Bayan nan buɗe manhajar yanka bidiyo ta CapCut ka cire yanki uku, kowanne bai kai minti ɗaya ba, kuma kowanne ya amsa tambaya guda. Misali, me ke sa albasa ruɓewa a cikin rudu, wato wurin ajiyarta? Fara daga amsar kai tsaye, sallama da gaisuwa a bar su ga cikakken shiri. Rubuta sunan shirin da lambarka a jikin bidiyon, domin in ya bar hannunka rubutun da ke ƙarƙashinsa ba lallai ne ya bi shi ba. Kada ka sa waƙar wani a ciki, Facebook ko YouTube na iya kashe sautin.

Ɗora su a sitatus, da Facebook, da TikTok in kana can. Sitatus awa 24 yake yi, to ka ɗauki hoton adadin waɗanda suka kalla kafin ya ɓace.

Mataki na uku: nemi mai ɗaukar nauyi guda ɗaya

Nemi wanda abokan cinikinsa su ne masu saurarenka: mai shagon iri da magani, mai sayar da injin ban ruwa ko na sola, mai buhu. Ka kuma je a kan lokaci. Mai iri kafin a zuba iri yake buƙatarka, bayan damina ta ja baya. Mai buhu da mai mota kuwa sai an doshi cirar albasa.

Da na shiga shagon wani dattijo a cikin gari, tambayar da ya fara yi mini ita ce, “Yaro, mutum nawa ka saurarenka?” Na ce, “Ranka shi daɗe, ɗari uku ne, amma ga garuruwansu.” Ya ɗora tabarau, ya bi littafin da yatsa layi-layi, ya tsaya kan wani ƙauye ya ce yana da abokan ciniki a can. Daga nan ciniki ya fara.

Kada ka sayar da fitowa ɗaya, talla sau ɗaya ba ta nuna komai. Sayar da wata guda: fitowa huɗu, a kowacce ka ambace shi da bakinka na daƙiƙa 30 a tsakiyar shiri, sannan sunan shagonsa a kan yanki goma sha biyu. A ce kun daidaita kan naira 20,000. Kowane mako ya tashi a 5,000 ke nan, kuma ɗan kasuwa zai iya lissafa cinikin mutum nawa zai mayar masa da kuɗinsa. Don ya ga amfanin da idonsa, ku shirya cewa duk wanda ya ce daga shirin ya ji, za a rage masa wani abu, yaron shago kuma ya riƙa yin alama a takarda. In wata ya ƙare babu alama ko ɗaya, ko dai kayan ba na masu saurarenka ba ne, ko lokacin bai dace ba. Canja ɗaya daga ciki kafin ka zargi shirin.

Karɓi rabin kuɗin kafin ka fara, ka kuma rubuta abin da kuka yi alkawari a saƙo, shi ma ya amsa. Na taɓa yi wa wani talla mako huɗu da baki kawai, da na je karɓar kuɗi ya ce shi ya ɗauka taimako ne. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba.

Abu biyu ban yarda a yi wasa da su ba. Faɗa wa masu saurare ƙarara cewa wannan talla ce, wane ne ya ɗauki nauyi. Kuma kada ka tallata irin da ba ka ga ya tsiro ba. Manomi ya zuba iri ya ƙi fitowa saboda maganarka, shekararsa ka taɓa, kuma sunanka zai kama.

Mataki na huɗu: buɗe ƙofa ga masu saurare

Cewa “a taimaka mana” ba ta kawo komai sai addu'a. Ba su wani abu da za su riƙe. Ni zaure na buɗe a WhatsApp, inda nake sanya farashin buhu na mako kwana biyu kafin shirin ya fita, kuma tambayoyin 'yan zauren nake fara kai wa baƙo. Idan ka sa naira 500 a wata, mutum ashirin suka shiga, 10,000 ke nan. Ware asusu na daban, na banki ko OPay ko Moniepoint, kada kuɗin shiri ya gauraya da na cefane, kuma ka rubuta ranar da kowa ya biya.

Manomi ba mai albashi ba ne, tuna masa kowane wata zai gajiyar da ku duka. Bari ya biya na wata shida a dunƙule bayan ya sayar da albasa, ka rage masa wata ɗaya, ya ba da 2,500. Idan aka haɗa da mai ɗaukar nauyi, wata mai kyau zai ba ka kusan 30,000. Wata biyu ko uku a shekara shago ba zai yi talla ba, kuɗin zauren ne zai riƙe data da man babur zuwa Goronyo.