Yadda ake sabunta defirizan ba tare da an ƙone kai ko an karya gashi ba

A shekarun da na yi ina koya wa ƴan mata gyaran gashi a Yamai, na lura cewa ba a shafawar farko ake lalata gashi ba, a ta biyu ne da ta uku, lokacin da aka zo miƙar da sabon tsiro. Man miƙar da gashi, wanda muke kira defirizan, yana tsinka igiyoyin da suka ɗaure silin gashi daga ciki, kuma abin da ya tsinka ba ya sake haɗuwa. Gashin da ya sha mai sau ɗaya ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, idan ya sake sha kuwa sai ya soma zuba.

Ki fara da ƙidayar kwanaki. Gashi yana tsirowa kamar santimita 1 a wata, saboda haka bayan sati 4 sabon tsiron bai kai faɗin yatsa ba, kuma babu hannun da zai iya shafa mai a wannan ɗan wurin ba tare da ya hau kan tsohon gashi ko ya sauka kan fata ba. Mafi ƙarancin tazara sati 8 ne, ni kuwa na fi son 10 zuwa 12. Tsakanin ƙaramar salla da babbar salla akwai kimanin kwana 70, wato sati 10, don haka wadda ta shafa wa ƙaramar salla tana iya sabuntawa ga babba, da sharaɗin ba ta taɓa man ba a tsakani.

Wannan sharaɗin ne wata ƙanwata ta karya a Tawa. Ta shafa a jajibirin ƙaramar salla, bayan sati 4 aka sa bikin ƙawarta, sai ta kwance kitso da safe, ta sosa kai da mashaci saboda amosani, da rana aka shafe mata gashin tun daga tushe har baki. Da ta ce yana yi mata zafi, sai mai shafawar ta ce: “Ki daure, ƴar uwa, aiki ne yake yi.” Washegari ta tashi gashin ƙeya ya manne da fata saboda ruwan da ƙunar ta fitar, bayan sati 2 kuma gashin ya soma karyewa a wuri ɗaya, kusa da tushe, daidai inda mai ya hau kan mai.

Zafin nan ƙuna ne. Defirizan mai soda yana ɗauke da NaOH, sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko ƙarfin soda, yana kaiwa 12 zuwa 14, alhali na fatar kai yana wajen 5. Wanda aka rubuta wa marar soda, mai zuwa da ƙaramar kwalbar da ake zubawa a gauraya, shi ma yana ƙuna, sannan yana barin kalsiyam a jikin gashi har ya bushe ya yi ƙanƙas. Wanda aka zana hoton yara a kwalinsa ma haka yake.

Kwana 3 kafin ranar shafawa kada ki wanke kai, kada ki sosa, kuma ki kwance kitso tun kafin nan domin fata ta huta. Idan akwai ƙurji ko ciwo komai ƙanƙantarsa, a ɗaga ranar. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Tawa da Yamai yake wuce digiri 40, ki shafa da sanyin safiya a cikin inuwa, domin zafi yana ƙara wa man sauri, gumi kuma yana sa fata saurin jin raɗaɗi.

Ki raba gashin gida 4, ki shafa bazalin a goshi, da bayan kunne, da ƙeya, da kowace tsaga. Daga nan sai matakin da almajiraina suka fi tsallakewa: ki shafe tsohon gashin da ya riga ya miƙe da man laushi mai kauri ko man kaɗe, tun daga inda sabon tsiro ya ƙare har zuwa baki. Ki lalubi wannan iyaka da yatsa, za ki ji inda murɗaɗɗen gashi ya haɗu da miƙaƙƙe. Wurin nan ne mafi rauni a dukan silin. Kuɗin man kaɗen bai kai na ƙarin gashin da za a saya a rufe sanƙo ba.

Ki sa safar hannu, ki duba agogo tun daga shafar farko, ba daga lokacin da kika gama ba, domin gidan da kika fara yana cin mai tun ɗazu. Ki fara daga inda gashi ya fi kauri, yawanci tsakiyar kai, ki bar gashin goshi da na gefe sai ƙarshe saboda sirara ne. Ki shafa a sabon tsiro kaɗai, ki ɗan ja da baya daga fata, sannan ki lallatsa da bayan mashaci ko da yatsa, kada ki taje da haƙoransa. Mintocin da aka rubuta a kwali iyaka ne, ba sai an cika su ba, kuma ni na fi son a wanke gashin yana da sauran ɗan lanƙwasa a kan a bar shi ya miƙe sambal.

Ki tanadi ruwa tun kafin a buɗe kwali, domin na taɓa ganin famfo ya ɗauke ana tsakar aiki. Ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi kaɗan har sai babu santsin mai, sannan ki wanke da shamfon da yake kashe ƙarfin man, wanda yakan zo a cikin kwalin. Wasu kumfarsu tana zama ruwan hoda muddin akwai sauran mai, sai ki maimaita har ta fito fara. Sabulun wanka ba ya wannan aiki.

Idan an ji raɗaɗi, a wanke nan take, ko da rabin kai ne aka shafa. A bar ruwa yana gudana a wurin aƙalla minti 20, domin soda tana ci gaba da cin fata muddin tana nan. Kada a ɓamɓare ɓawon ko a ja gashin da ya manne. A jiƙa shi da ruwa, a shafa bazalin har ya saki da kansa. Ƙuna mai faɗi, ko mugunya, ko kumburi, ko zazzaɓi, duk na likita ne, domin ƙuna mai zurfi tana kashe saiwar gashi ta bar tabon da ba ya tsiro. Idan man ya shiga ido, a wanke shi da ruwa mai yawa, a tafi likita a take.

Gashin da ya riga ya lalace ba ya komawa yadda yake, sai dai a lallaɓa shi har sabo ya maye gurbinsa. Ki duba abin da ya zuba: idan gajerun guntaye ne marasa farin ƙullutu a gindi, karyewa ce, saiwar tana nan. Ga ƙanwata, na hana ta defirizan da rini da ƙarfen miƙarwa har wata 6, na datse bakin da ya tsage, kowane sati tana shafa man laushi bayan wanki ta rufe kai na minti 20, ta taje da mashaci mai manyan haƙora tun daga baki zuwa tushe, kitso kuma manya marasa ja. A hunturu ta ƙara man kaɗe a kan gashi mai ɗan danshi. Bayan wata 6 ta samu sabon tsiro kusan santimita 6, sai wani wuri a ƙeya mai faɗin farce da bai sake fitar da gashi ba.