Yadda za a gyara mahaɗin "danna nan"

An sha tambayata, ga matakan:

1. Kunna manhajar karanta allo, wadda ke karanta wa makafi rubutun allo da murya, kamar NVDA, sannan ka buɗe shafinka na intanet.
2. A NVDA, danna Insert+F7, jerin mahaɗan shafin zai fito. Makafi da yawa haka suke lalubo inda za su, ba sa bin shafi layi-layi.
3. Saurara. In ka ji "danna nan, danna nan, ƙarin bayani", to an yanke kowane mahaɗi daga jimlarsa, bai faɗi komai ba.
4. Sauya kowanne da sunan inda zai kai mutum: "Sauke fom ɗin rajista, PDF".
5. Hattara: kada ka liƙa dogon adireshin shafi a madadinsa, manhajar za ta yi ta karanto shi tiryan-tiryan.
6. Mahaɗai biyu masu zuwa wurare daban, kada su yi suna ɗaya.
7. Sake sauraron jerin, idonka a rufe.