Imel ɗin neman alfarma: kurakuran da ke sa a manta da kai

Duk lokacin da aka buɗe neman gurbin ƙaro karatu, ɗalibai kan cika akwatin malamansu da saƙonnin neman wasiƙar shaida, kuma da yawansu ba sa samun amsa. Sai ka ji ɗalibi yana cewa malam ya yi masa wulaƙanci. Ni da nake ganin waɗannan saƙonni ta ɓangaren wanda ake turo wa, na san cewa sau da yawa malamin ya buɗe saƙon, ya duba, bai gane me ake so ya yi ba, bai ga ranar da ake so ba, sai ya ce bari ya dawo kansa daga baya. Kafin yamma wasu saƙonnin sun danne shi. Na gaji da maimaita gyara iri ɗaya, shi ya sa na rubuta shi a nan. Misalin ɗalibi da malami zan bi, amma haka abin yake ga mai neman sa hannun oga a ofis, kuma tsarin bai canzawa ko da Hausa kake rubutu, ko Turanci, ko Faransanci.

Kuskure mafi girma shi ne binne buƙata a ƙarƙashin gaisuwa da tarihi. Mun taso da tsarin wasiƙar takarda: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi iyali, a tambayi aiki, sannan can a tsakiya a ce dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne kaza. Wannan tsari ya dace da takardar da mutum zai zauna ya warware ya karanta daga farko har ƙarshe. Imel kuwa yawanci a waya ake fara ganinsa, mutum yana tsaye a bakin aji ko yana jiran a fara taro. Abin da allon ke nuna masa kafin ya buɗe abu uku ne kawai: sunan mai aikowa, kan saƙon, da guntun layin farko. Da waɗannan ukun yake yanke shawarar ko ya buɗe yanzu ko ya bari. Idan layinka na farko gaisuwa ce zalla, ka ƙona wurin da ya fi kowane daraja a saƙon.

Ga irin abin da ake turowa. A gurbin Subject, wato kan saƙon, an rubuta "Gaisuwa", ko an bar shi fayau. Jikin saƙon kuma:

"Assalamu alaikum Malam, da fatan Malam yana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni ɗalibinka ne da ka koyar shekarun baya. Tun bayan da na gama hidimar ƙasa nake ta neman hanyar ƙaro karatu, Allah bai nufa ba, sai kwanan nan wani abokina ya nuna mini wata dama a ƙasar waje. Na cike fom, saura 'yan abubuwa. Sun ce ana buƙatar shaidar malamai. Ina fatan Malam zai duba lamarin da wuri. Na gode."

Ladabi ya cika, babu wanda zai ce yaron nan bai da tarbiyya. To amma me Malam zai yi? Zai rubuta wasiƙa ne ya ba shi a hannu, ko zai ɗora ta a wani shafi? Wane kwas ya koyar da shi, a wace shekara? Yaushe ne "da wuri"? Dole sai Malam ya rubuto yana tambaya, wato an ƙara masa aiki kafin ma a kai ga alfarmar. Mai aiki da yawa ba ya rubuto tambaya, wucewa yake yi.

Ga yadda nake so in gan shi. A gurbin Subject: "Wasiƙar shaida kafin Alhamis 12 ga Fabrairu: neman digiri na biyu". Jikin saƙon:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina roƙon Malam ya taimaka ya rubuta mini wasiƙar shaida ta neman digiri na biyu, ya ɗora ta a shafin makarantar kafin ƙarfe 4 na yamma, ranar Alhamis 12 ga Fabrairu 2026.

Malam ne ya duba aikin bincikena na kammala digiri a 2022. Makarantar za ta turo wa Malam mahaɗin da zai shiga ta wannan adireshin, kuma shafi ɗaya suke so. Na haɗo da takardar sakamakona da taƙaitaccen tarihin karatuna. Za su rufe karɓa ranar Litinin 16 ga Fabrairu.

Idan lokacin bai yi wa Malam ba, ina roƙon ya sanar da ni kafin Juma'a 6 ga Fabrairu don in nemi wani malamin. Allah ya ƙara girma."

Gaisuwar tana nan, ba a jefar da ita ba, an dai taƙaita ta zuwa rabin layi. Jimlar da ke bin ta tana ɗauke da komai: wanda zai yi, abin da zai yi, inda zai kai shi, da ranar. Ko Malam bai karanta sauran ba ya riga ya san abin da ke kansa. Duba kuma kalmomin aikin: ya rubuta, ya ɗora. "Ya duba lamarin" ba aiki ba ne, domin mutum zai iya dubawa ya rufe, kuma ya cika abin da ka roƙa. Wasu ɗalibai kan ce mini suna jin nauyin faɗa wa babba abin da zai yi kai tsaye. Ladabin ai yana cikin "ina roƙon Malam ya taimaka". Sa dattijo ya karanta sakin layi huɗu yana laluben abin da kake so, wannan ne rashin tausayi.

Kuskure na biyu shi ne rana, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Don Allah ku daina rubuta "gobe", "jibi", "mako mai zuwa", "cikin gaggawa". Kai ka rubuta "gobe" ranar Litinin da dare, shi ya buɗe saƙon ranar Laraba, to wace goben? "Mako mai zuwa" kwana bakwai ne, kuma kowa ranar ƙarshe yake zaɓa. "Cikin gaggawa" kuwa kowa na rubuta shi, har ya zama ba ya motsa kowa. Ni abin da nake yi, kuma nake tilasta wa duk wanda ke aiki tare da ni, shi ne a rubuta sunan ranar, da kwanan wata, da sunan watan da haruffa, da ƙarfe nawa. Sunan ranar yana da amfani biyu: mutane da ranakun mako suke tsara aikinsu, kuma idan ka yi kuskuren lamba, saɓanin da ke tsakanin ranar da kwanan watan zai sa a tambaye ka.

Rubuta wata da lamba zalla kuma tarko ne. A wajenmu 12/02 na nufin 12 ga Fabrairu, amma a Amurka wata ake fara rubutawa, don haka 2 ga Disamba ne. Wannan ya taɓa cinye mana aikin da muka yi makonni muna haɗawa. Wata cibiya a Amurka ta rubuto cewa a miƙa takardu kafin 03/04, duk ofishinmu muka karanta shi 3 ga Afrilu, muka miƙe ƙafa. Ashe 4 ga Maris suke nufi. Da muka tashi turawa shafin ya daɗe da rufewa, kuma babu wanda za mu kama da laifi, domin kowa ya karanta daidai da yadda aka koya masa. Tun daga lokacin, in aka turo mini kwanan wata da lamba zalla, kuma duka lambobin biyu ba su wuce 12 ba, sai na tambaya kafin in rubuta shi a kalanda.

Awa ma haka take idan saƙon zai tsallaka iyaka. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, amma Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Birtaniya ta fi rikitarwa: lokacin sanyinsu suna bayanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya. Ƙara kalmomi biyu, "agogon Nijeriya", ya kashe maganar. "Ƙarfe 12 na dare" kuma ina guje masa gaba ɗaya, domin ana jayayya ko na daren shiga ranar ne ko na fitarta. Ka sa ƙarfe 4 na yamma kowa ya huta.

Za ka lura cewa a misalin da na bayar ranar da aka roƙi Malam ya ɗora wasiƙar Alhamis ce, alhali rufewar sai Litinin. Da gangan ne. Tsakanin Alhamis da Litinin akwai Juma'a, wadda aiki ke raguwa bayan an tafi masallaci, sannan Asabar da Lahadi. Idan mahaɗin bai iso ba, ko shafin ya ƙi buɗewa, kana da sararin gyarawa. Wasu sukan ɓoye ainihin ranar rufewa su ba da ta ƙarya don a yi sauri. Ni ban yarda da wannan ba. Ranar da Malam ya shiga shafin zai ga gaskiyar, kuma daga nan duk ranar da ka ba shi zai ɗauka akwai ragi a ciki. Faɗi duka biyun, amma taka ta zo a sama da kuma a kan saƙon, ta makarantar ta zo a ƙasa a matsayin dalili.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna kashe saƙo. Kan saƙo mai tsawo waya na yanke ƙarshensa, don haka aikin da ranar su zo a farko, bayanin ya biyo baya. Kada ka nemo tsohon saƙon barka da Sallah ka latsa Reply ka rubuta sabuwar buƙata a ciki, domin zai fito da "Re:" a gaban tsohon kai, kuma Gmail zai cusa shi ƙarƙashin tsohuwar hirar. Kada ka jera malamai uku a gurbin To ka ce "a taimaka", kowannensu zai ɗauka ɗayan zai yi. Wanda zai yi aikin shi kaɗai ke shiga To, wanda ake so ya sani kawai ya shiga Cc. Buƙata biyu masu rana daban, saƙo biyu ne. Kada ranar ta kasance a cikin takardar da ka maƙala kaɗai, domin a waya ba kowa ke buɗe ta ba. Kuma sa wa takardar suna mai ma'ana, ba IMG_0042 ba.

Tunatarwa ma ana ɓata ta. Sai ka ga an rubuto "Malam ina jiran amsa" ba tare da komai ba, wato sai ya koma ya nemo saƙon farko. Ni a ƙarƙashin saƙon farkon nake amsawa, in maimaita jimlar buƙatar sukutum da ranarta: "Malam, ina tunatarwa ne game da wasiƙar shaidar da za a ɗora kafin ƙarfe 4 na yamma, Alhamis 12 ga Fabrairu." A misalinmu zan tura ta ranar Litinin 9 ga wata da safe, lokacin da sauran kwana uku a yi aikin. Idan har Talata da yamma shiru, na daina rubutu, sai in kira waya ko in taka zuwa ofishinsa.