Yadda ake taka birkin gaggawa a jiƙaƙƙiyar kwalta da motar da ke da ABS

Duk direban da ya koyi tuƙi a hannun tsofaffin 'yan kamasho ko a cikin tsohuwar Fijo ya sha jin wannan hudubar: in titi na da santsi, kada ka danne birki, ka riƙa taka ka saki, taka ka saki. A wancan zamanin gaskiya suka faɗa. Sai dai da yawa daga cikin motocin da ke hannun mutane yanzu, Korola ce ko Kamri ko Akod, suna da na'urar da ake kira ABS, mai hana tayoyi kullewa in an danne birki, kuma a irin wannan mota tsohuwar hudubar ita ce za ta kai ka ta baro. Na'urar ba sabuwa ba ce, tun 1978 kamfanin Bosch da na Marsandi suka fito da ita a manyan motocin Marsandi, amma har yau direbobi da yawa ba su taɓa jin aikinta a ƙarƙashin ƙafarsu ba sai ranar da abu ya faru.

Kafin matakan, sai an gane abin da na'urar take hanawa. Idan ka danne birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, ƙarfin birkin yana fin ƙarfin riƙon da taya ke yi wa kwalta. Sai tayar ta daina juyawa alhali motar na ci gaba da tafiya, wato ta kulle, tana jan ƙasa kamar buhun da ake ja. Tayar da ta kulle ba ta jin maganar sitiyari. Ka murza dama, ka murza hagu, motar inda ta nufa can za ta je. In kuma tayoyin baya ne suka kulle, sai bayan motar ya waino, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito.

Aikin ABS shi ne hana wannan kullewar. A kowace ƙafar mota akwai ƙaramar sensa da ke ƙirga juyin taya ta hanyar wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu. Ƙirgen na zuwa wa wata 'yar kwamfuta. Da zarar ta ga wata taya tana rage gudu fiye da yadda motar kanta ke ragewa, ta san tana gab da kullewa. Sai ta fara tsayar da matsin man birkin da ke zuwa wannan tayar, in bai isa ba ta sassauta shi kaɗan har tayar ta sake kama juyi, sannan ta mayar da matsin. Tana maimaita haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, a wasu motocin har kusan sau 15, kuma tayar da ta fara zamewa take sassautawa, ba duka huɗun ba. Wannan ne abin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba komai ƙwarewarsa, don birki ɗaya ne a gabanka, in ka saki ka saki tayoyi huɗu gaba ɗaya.

To, ga yadda ake yi.

Mataki na farko, cire ƙafa daga totur ka danne birki da iya ƙarfinka, lokaci guda. Ba lallaɓawa, ba gwaji. Mutane da yawa suna tsoron kada su ɓalla wani abu, sai su taka rabi da rabi. Ba abin da za ka ɓalla. In motarka mai giyar hannu ce, danne kuloci tare da birkin don kada inji ya mutu. Birkin hannu kuwa kada ka taɓa shi, tayoyin baya zai kulle maka, kuma ABS ba ta da iko a kansa.

Mataki na biyu, kuma nan ne ake yawan faɗuwa: riƙe ƙafar a danne, kada ka ɗaga. Nan take za ka ji birkin yana karkarwa yana bugun tafin ƙafarka, kamar yana son ture ka baya. Za ka ji wata ƙara daga gaban mota, gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Wani lokaci ma birkin zai ɗan nutse. Wanda bai saba ba zai ɗauka birki ya tsinke ko wani ƙarfe ya karye, sai ya ɗaga ƙafa a firgice. Wannan karkarwar ba lalacewa ba ce, famfon na'urar ne ke mayar da man birki yayin da bawul ke buɗewa da rufewa. Ita ce shaidar cewa abin yana aiki. Ka ɗaga ƙafa, na'urar ta ɗauka ka gama da birki, ta janye hannunta.

Mataki na uku, ƙafarka na danne, ka tuƙa. Wannan ce babbar ribar ABS, kuma ita ce aka fi mantawa. Tun da tayoyin gaba na juyawa, sitiyari yana aiki. Ɗauke idonka daga abin da kake tsoron bugewa ka kalli gurbin da kake son bi, domin hannu ido yake bi. Murza sitiyari a hankali, daidai abin da zai kauce, ba fizga ba. Fizgar sitiyari tana iya jefa ka hannun masu tahowa ko ta sauke ka gefen titi, inda kafaɗar hanya ta zaizaye ta zama gaɓa. Can kuma labarin ya canza.

Mataki na huɗu gajere ne: kada ka saki har sai motar ta tsaya ko haɗarin ya wuce. Dab da tsayawa, in gudu ya koma kamar tafiyar ƙafa, na'urar kan janye, kana iya jin ɗan ƙugin taya. Ba komai ba ne. Kunna fitilar gargaɗi, ka duba madubi, don na bayanka wataƙila ba shi da irin birkinka.

Bari mu sa lissafi a kai. Ka ɗauka kana kan hanyar Zariya zuwa Kano da damina, an ɗauke ruwa kenan, kana gudun kilomita 80 a awa. Saniya ta ɓalle daga garke ta hau titi, tsakaninku mita 60. A wannan gudun motarka na cin kusan mita 22 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta isa birki, mu ce daƙiƙa ɗaya, mita 22 sun tafi. Saura 38. Mu ƙaddara tayoyinka masu kyau ne kuma jiƙaƙƙiyar kwaltar na ba su matsakaicin riƙo. A haka, da ABS na aiki, kana buƙatar wajen mita 50 ka tsaya cak. Ka ga ke nan ba za ka tsaya kafin saniyar ba. Amma za ka iso wurinta gudunka ya sauko kusan 40, kuma sitiyari na hannunka, kana iya zagaye ta. Da tayoyin sun kulle, riƙon zai ragu, kana iya isowa da gudun 55 ko kusa da haka, kai tsaye, ba damar kaucewa. Da kuma karkarwar ta tsorata ka, ka ɗaga ƙafa na rabin daƙiƙa kawai, ka yi asarar wajen mita 10 a banza.

Yanzu sake lissafin da gudun 60. Mita 17 na tunani, mita 28 na birki, 45 ke nan. Ka tsaya saura mita 15 tsakaninka da saniyar, kana kallonta tana wucewa. Bambancin kilomita 20 ne kacal, amma nisan birki ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in gudu ya ninka biyu, nisan birki ninkawa huɗu yake yi.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne ABS ba ta ƙirƙiro riƙo, wanda taya da titi suka bayar take rarrabawa. Suɗaɗɗiyar taya ba ta da abin bayarwa. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne, shi ke korar ruwa don roba ta taɓa kwalta. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfinsa ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a ganina wanda zai yi tafiyar damina bai kamata ya jira ya kai nan ba, a milimita 3 ya fara neman kuɗin taya. In ka afka kwantaccen ruwa da gudu, taya na iya hawa saman ruwan ta rabu da kwalta gaba ɗaya. Za ka ji sitiyari ya yi sakayau. A nan ABS ba ta da abin kamawa. Saki totur, riƙe sitiyari a miƙe, ka jira tayoyin su sake taɓa ƙasa.

Ruwan farko ya fi kowane santsi. Wata da watanni ƙurar rani da baƙin mai da gas da manyan motoci ke ɗigarwa suna kwance a kan kwalta, yayyafi ya sauka ya kwaɓa su kamar miyar kuɓewa. Sai an yi ruwa mai ƙarfi ya wanke titin kafin ya dawo daidai. A hanyar burji, yashi ko tsakuwa kuma, ABS tana iya tsawaita nisan tsayawa, saboda tayar da ta kulle a can takan tara ƙasa a gabanta ta zame mata waigi, na'urar kuma ba ta barin hakan. Sitiyari dai yana hannunka, amma ka ba da tazara fiye da yadda ka saba.

Saura tambaya: motarka ma tana da ABS mai rai? Murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kalli dashbod. Ya kamata wata fitila ruwan ɗorawa mai rubutun ABS ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ta kama ta ƙi mutuwa, na'urar ta kashe kanta. Birkinka na yau da kullum yana nan, amma tayoyi za su kulle in ka danne. Sau da yawa laifin ƙarami ne: wayar sensa ta tsinke wajen gyaran ƙafa, taɓo ya toshe ta, ko an canza boris an sa wanda bai dace ba. In kuwa fitilar ba ta kama ko kaɗan, ko dai motar ba ta da na'urar, ko wani ya cire ƙwan don ya ɓoye matsala, abin da mai sayen motar hannu ya kamata ya duba tun kafin a yi ciniki. In jar fitilar birki ta kama tare da ita, ka tabbata birkin hannu a sake yake, to faka motar ka duba man birki, kada ka ci gaba da tafiya.

Daga nan nemi fili ko titin da ba kowa, ranar da aka yi ruwa. Ɗaura bel, ka tabbata ba kaya a sake a kujerar baya kuma ba kowa a bayanka. Kai gudun 30 ko 40, ka danne birki har ƙasa, ka riƙe. Yi sau biyu ko uku a miƙe har ƙafarka ta saba da bugun. A na gaba, ajiye kwali a gabanka, ka danne birkin, ka gwada zagaye shi ƙafarka na nan a danne. In ka ji ƙugin taya mai tsawo ba karkarwa, ka juya ka ga dogon baƙin layi a kwalta, wuce wurin mai na'urar duba mota ya karanta maka inda matsalar take.