Hasashena ya ce bambanci, gwajina ya auna alaƙa

Ana saura kwana uku in miƙa kundin digirina na biyu, na zauna na ja teburi mai gida uku a takarda: abin da na ce zan gwada a babi na 1, gwajin da na yi a babi na 4, da abin da na kammala da shi a babi na 5. Kowane hasashe layinsa daban.

Layi na biyu ne ya tona asiri. Hasashen ya ce babu bambanci a makin lissafi tsakanin ɗaliban kwana da na jeka-ka-dawo. Amma abin da na gudanar a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, shi ne gwajin Pearson, tsakanin awannin karatu da maki. Wannan alaƙa yake aunawa, bai san rukuni biyu ba sam. A babi na 5 kuma har na rubuta wai makarantar kwana ce ke "haifar da" ƙarin maki. Allah ya rufa asiri mai duba aikina bai riga ni gani ba.

Na sake gwajin da Independent-Samples T Test, wanda ke kwatanta matsakaicin makin rukuni biyu, ɗalibai 60 a kowane rukuni. Ya fito da p = 0.21, ya haura 0.05, iyakar da sai p ya gaza ta ake watsi da hasashen babu bambanci, don haka ba ni da hujjar watsi da hasashen. Ban taɓa hasashen ba, domin gyara shi bayan ganin sakamako maguɗi ne. Na goge "haifar da", tunda ba ni na rarraba ɗaliban ba, iyaye suka zaɓa. Shawarar gina ɗakunan kwana ma ta fita daga babi na 5.