Tiramadol a kan maganin damuwa: kurakuran da na gaji da gani

Shekaruna da dama ina aikin harhaɗa magani, kuma duk lokacin da aka turo mini sababbin ma'aikata sai na ga suna faɗawa ramin da ni ma na taɓa faɗawa. Mutum zai miƙo takardar likita, a karanta, a ɗauko magani, a miƙa masa, ya juya ya tafi. Babu wanda ya tambaye shi ko akwai wani maganin da yake sha a gida. A nan gubar sirotonin take samun ƙofa.

Sirotonin wani sinadari ne da jijiyoyi suke aika wa juna saƙo da shi, a ƙwaƙwalwa da laka da hanji. Magungunan ciwon damuwa irin su fuluwoksetin da sataralin da benlafaksin suna hana jijiya saurin janye shi bayan ta sake shi, don haka yakan daɗe yana aiki. Idan maganin shi kaɗai ne, kuma a ma'aunin da likita ya tsara, da wuya ya kawo matsala mai tsanani. Masifar takan zo ne idan aka ɗora wani maganin da shi ma yake ƙara sinadarin, sai ya yi wa jijiyoyi yawa.

Kuskuren farko shi ne rashin tambaya, kuma shi ne ya fi ci mini rai. A shekarata ta biyu da fara aiki, wata dattijuwa ta zo da takardar tiramadol, miligiram 50, saboda ciwon baya. Na ba ta. Ban san ta shafe wata takwas tana shan fuluwoksetin miligiram 20 kowace safiya ba, don wani likita ne daban ya rubuta mata shi, kuma ita ba ta lissafa shi cikin abin da ya kamata ta faɗa. Masu ciwon damuwa da yawa ba sa ambaton maganinsu sai an tambaye su kai tsaye, wasu don kunya, wasu don sun saba da shi har sun daina ganin sa a matsayin magani.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne tiramadol fuska biyu gare shi. Yana kashe ciwo kamar 'yan'uwansa dangin mofin, sannan shi ma yana hana janye sirotonin, tamkar ƙaramin maganin damuwa. Akwai abin da ya fi wannan muni. Sai hanta ta sarrafa tiramadol kafin ya koma siffar da ta fi kashe ciwo, kuma fuluwoksetin yana toshe ainihin hanyar da hantar take bi wajen wannan aikin. Faroksetin, wani maganin damuwar, shi ma haka yake yi. Sakamakon shi ne ciwo bai lafa sosai ba, amma ɓangaren maganin da yake ƙara sirotonin yana ta taruwa a jini. Me mai ciwo zai yi idan ya sha ƙwaya bai ji sauƙi ba? Zai ƙara. Haka dattijuwar nan ta yi, ta koma shan biyu biyu. A rana ta uku tari ya dame ta, aka sayo mata maganin tari na ruwa mai ɗauke da dekistirometofan, wanda shi ma yana ƙara sirotonin, kuma ta wannan hanyar da aka toshe hanta take fitar da shi. Magani uku ke nan a kan jijiya ɗaya.

Tun daga nan na sauya yadda nake tambaya. Ba na cewa "kina shan wani magani?", don amsar kusan kullum a'a ce. Cewa nake yi, "Mama, akwai ƙwayar da kike sha kullum, ko ta barci, ko ta damuwa, ko ta yawan tunani? A wata biyun nan akwai wadda kika daina?" In da hali ina so a kawo mini kwalayen in gani da idona. Wasu abokan aikina suna ganin na cika tsanani, suna cewa ai mutane da dama suna haɗa biyun ba abin da ya same su. Gaskiya ne, ba kowa yake kamuwa ba. Amma ni ba na miƙa tiramadol ga mai shan fuluwoksetin ko faroksetin sai na kira likitan da ya rubuta mun yi magana, domin ko ba gubar ma, haɗin yana ƙara haɗarin jijjiga, kuma ciwon da ake son kashewa ba zai mutu yadda ake so ba.

Kuskure na biyu shi ne jira, kuma nan ma ni na yi shi, a kan wannan baiwar Allah ɗin. Da daddare ɗanta ya kira ni ya ce, "Malam, Mama tana ta gumi, jikinta da zafi, hannunta na rawa, ta kasa zama wuri ɗaya, ga gudawa." Na ce masa da alama zazzaɓi ne da ɓacin ciki, ya ba ta farasitamol, a kawo ta da safe. Har yau idan na tuna wannan amsar sai gabana ya faɗi. Da Allah ya taimake mu, yaron bai saurare ni ba. Da ya ga ta fara sambatu sai ya ɗauke ta zuwa sashen gaggawa a daren, ni ma na bi su.

Zafin jikinta ya kai digiri 38.9, zuciya tana bugawa 128 a minti, baƙin idonta ya buɗe, rigarta sharkaf da gumi. Likitar da ke aiki ta tambayi magungunan da take sha, sannan ta yi wani abu da ba ya cin daƙiƙa goma. Ta tallafi ƙafar dattijuwar, ta tura tafin ƙafar sama da sauri wajen ƙauri, ta riƙe. Ƙafar ta dinga bugun hannunta, kaf-kaf-kaf, ba tsayawa. Ta ɗan buga ƙasan gwiwa, ƙafar ta zabura fiye da kima. Wannan bugun shi ake kira kilonus, kuma a wurin wanda ya sha maganin da ke ƙara sirotonin, shi ne alamar da ta fi kowace nuna gaskiyar lamarin. Yakan fi fitowa a ƙafafu fiye da hannuwa. Wani lokaci har ƙwayar ido za ka ga tana kai-kawo da kanta. Zazzaɓi na yau da kullum ba ya sa ƙafa ta yi haka.

Ku saurare ni da kyau, ku sababbin shiga, don nan ne kuke sakaci. Kuna jin "zafin jiki" sai hannunku ya tafi kan farasitamol. Zafin nan ba daga ƙwaƙwalwa aka ɗaga shi ba kamar na zazzaɓi. Tsokoki ne suke ta aiki ba hutu, suna ƙanƙamewa suna saki, su suke hura wutar. Farasitamol ba shi da abin da zai yi a nan, sai dai ya cinye muku lokaci. Kuma ciwon ba ya jiran gari ya waye. Yawanci yakan bayyana cikin awa 24 da fara sabon magani ko ƙara ma'auni, sau da yawa ma cikin awa shida. Wanda yake rawar hannu da magariba yana iya sandarewa kafin asuba, zafi ya haura digiri 41, tsoka ta fara narkewa, dattinta ya toshe ƙoda, jini ya rikice, jijjiga ta biyo baya. Idan an kai nan sai ɗakin kulawa ta musamman, a sa shi barci, a sassauta tsokar gaba ɗaya da allura, na'ura ta karɓi numfashi. Don haka duk wanda yake kan maganin damuwa, aka ƙara masa wani abu jiya ko yau, sannan ya fara gumi da rawar jiki da rashin natsuwa, kada ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya daga cikinsu, a tafi asibiti a lokacin, da kwalayen maganin a hannu.

Ita dattijuwar an tsayar da magungunan uku, aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar dayazefam don tsoka ta saki hankali ya kwanta, aka sanyaya jikinta da ruwa da iska. An kuma ba ta sifuroheftadin, wanda yake tare wuraren da sirotonin ke kamawa. Akasarin masu wannan gubar sukan farfaɗo cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma ita ta ɗan ja lokaci saboda fuluwoksetin ba ya saurin barin jiki. Ta warke, alhamdu lillahi. Na je na same ta na ce ni ne ban tambaya ba, ta yafe mini.

Wannan daɗewar ta fuluwoksetin ita ce tushen wani kuskuren. Mai ciwo zai ce ya daina sha tun makon jiya, sai a ɗauka hanya ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Kafin a fara magungunan da ke hana rushe sirotonin, irin su fenelzin, sai an jira mako biyar bayan daina fuluwoksetin, sauran 'yan'uwansa kuwa yawanci mako biyu. Haɗin wannan rukunin da wani mai ƙara sirotonin shi ne mafi kisa. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a birnin New York bayan an yi mata allurar fetidin, mai kashe ciwo dangin mofin, alhali tana shan fenelzin. An ɗaure ta a gado saboda fizge-fizge, kuma wannan ma kuskure ne da har yanzu nake gani: wanda aka ɗaure zai yi ta kokawa da igiya, tsoka ta ƙara zafi. Magani ake kwantar da shi da shi, ba ɗauri ba.

Linezolid maganin ƙwayar cuta ne, shi ya sa ake mantawa cewa yana hana rushe sirotonin. A duba magungunan mai ciwo kafin a fara shi. Haka allurar metilin bulu. Fetidin da fentanil da metadon suna cikin masu haɗari, mofin kuwa ba ya taɓa sirotonin sosai. Kada a ce abu na ganye ne don haka ba komai, domin ganyen Sen Jon da ake sayarwa don damuwa yana jawo gubar, haka ƙwayar maye ta ekistasi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri bayan sun ji irin wannan bayani. Wani zai tsorata mai ciwo har ya watsar da maganin damuwarsa alhali ba shi da wata alama, kwana kaɗan jiri da rashin barci su taso masa, daga baya damuwar ta dawo. Ni idan na ga haɗin da bai kwanta mini ba, sabon maganin nake nema a sauya, in bar wanda yake riƙe da lafiyar mutumin. Idan likita ya ga dole sai an haɗa su, sai a fara da mafi ƙanƙantar ma'auni, ni kuma in zaunar da mai ciwon tare da wanda suke kwana gida ɗaya, in lissafa musu gumi, rawar jiki, gudawa, rashin natsuwa da zabura ta ƙafa, in sa su maimaita mini, sannan in kira su washegari in ji yadda aka kwana.